Cuku, kauɗa da garin zogale: yadda munka gyara bayanin kaya na wani kantin salula

Matar da ta je kasuwar Lahadi ta Tawa sayen cuku ba ta buƙatar kowa ya rubuta mata komi. Tana ɗaga shi ta duba a hasken rana, ta shinshina, ta ɗan lanƙwasa shi ta ji ko ya bushe, in mai kaya ta yarda ta ɓalli gefe ta ɗanɗana. Sai hankalinta ya kwanta sannan ta kwance bakin zane. Amma wadda ke zaune a Yamai, fiye da kilomita 500 daga nan, ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Hoto guda take gani a salula da ƴan layukan da anka rubuta ƙarƙashinsa, kuma bisa al'adar wannan ciniki ita ce ke fara turo kuɗi ta Nita ko Amana kafin kaya su hau mota. Ke nan layukan nan su ne hannunta, su ne hancinta, su ne harshenta. In ba su yi mata wannan aiki ba, ba za ta saya ba. In kuwa ta saya ta iske abin da bai yi daidai da rubutu ba, ba za ta sake dawowa ba, kuma sai ta gaya wa maƙwabta.

Wata ƙungiyar asusu ce daga wani gari na arewacin Adar, kan hanyar Abalak, ta kawo mana wannan magana. Sun ɗauki bashi daga akwatinsu sun buɗe ɗan kanti a WhatsApp Business, inda ake jera kaya a wurin da salula ke kira Catalogue, kowane kaya da hotonsa, da sunansa, da kuɗinsa, da gurbin bayani. Ɗiyar ma'ajiyarsu, wadda ta yi lakkol, ita ke riƙe da salular. Kayansu ba su da laifi, mun taɓa, mun ci. Abin da ya dame su shi ne tambaya ta yi yawa, ciniki ya yi kaɗan, ga lokacin biyan bashi yana matsowa. Da yake wasunmu sun yi karatun manya, sunka ce mu zauna tare mu duba rubutun. Munka shimfiɗa tabarma, munka ajiye kayan gabanmu, yarinyar tana karanta abin da ke cikin salula da ƙarfi, mu kuwa muna kallon kayan da ake magana a kai.

Ga abin da ke ƙarƙashin hoton cuku:

“Cuku orijinal na raƙumi, mai daɗi sosai, lamba ɗaya a duk Nijar. Farashi mai sauƙi. Sai kin gwada. A tuntuɓe mu.”

Ku sake karantawa, ƴan uwa, ku sa kanku a matsayin mai saye. Guda nawa za a ba ki? Wane girma? Na yaushe ne? Nawa za ki biya? Babu amsar ko guda. Kalmomi kusan ashirin, amma babu wadda za ki iya riƙewa ki gwada da kayan ranar da kinka buɗe kwali. Wannan ita ce tambayar da munka riƙa yi wa kowace kalma tun daga farko har ƙarshen zaman: in kaya sun isa, mai saye za ta iya tabbatar da ita da idonta, ko da ma'auni, ko da ƙidaya? Wadda ta ci wannan jarrabawa ta zauna. Wadda ta faɗi, a goge ta, ko a musanya ta da wadda ake iya tabbatarwa.

“Orijinal” da “lamba ɗaya” su ne sunka fara fita. Kowa na rubuta su, mai kayan kirki da mai jabu, saboda haka ba su rarrabe kowa da kowa. “Mai daɗi sosai” ma ta bi su, don ba a taɓa jin mai talla ta ce kayanta ba daɗi ba.

Maganar raƙumi

A nan ne munka fi daɗewa. Munka tambayi wadda ke sayo musu cukun daga matan makiyaya na wajen Abalak, “Inna, da nonon mi ake yin shi?” Ta ce, “Na shanu ne mana, wani lokaci a haɗa da na awaki.” To, ina raƙumi ya fito? Yarinyar ta ce haka take ganin masu saidawa suna rubutawa, musamman don masu saye na Najeriya, waɗanda da yawansu sunka ɗauka cukwi, kamar yadda suke kiransa, daga nonon raƙuma yake fitowa. Alhali duk wanda ya zauna da makiyayan Azawak ya san nonon raƙuma ba ya kama jiki da sauƙi kamar na saniya ko na akuya, shi ya sa cukun da muka sani da nonon shanu ko na awaki ake yin sa, ko a gauraya biyun.

Wata ta ce, “To in kalmar ce ke jawo masu saye, mi za a cire ta?” Tambaya ce mai ma'ana, don gaskiya kalmar tana jawo wasu. Sai dai ku duba wa take jawowa da wa take korewa. Tana jawo wanda bai san cuku ba, wanda zai saya sau ɗaya don sha'awa. Tana kore ɗan Adar da ke zaune Yamai ko Abijan, wanda ya tashi yana cin cuku da shayi, yana ganin ana daka shi cikin fura. Shi da ya ga “na raƙumi” ya san ko mai kantin ba ta san kayanta ba, ko tana son ta yi masa wayo. Kuma shi ne mai sayen kowane wata. Munka rubuta “na nonon shanu”, munka kuma yi shawara duk ranar da aka kawo mai gauraye a canza rubutun ya ce “na shanu da awaki”, don wasu na gane warin nonon akuya kuma ba kowa ke son sa ba.

Daga nan sai girma. Cuku ba a ma'auni ake sayar da shi ba, ƙidaya ake yi, kuma falle-fallen ba su zama daidai da juna. Hoton da ke kantin an ɗauke shi kusa ƙwarai, har cuku guda ya cika fuskar salula, ya yi kamar faifai. Wadda ta saya da wannan hoton a ranta, in ta ga na gaske sai ta ji an rage mata, ko da ba a rage komi ba. Munka sake ɗauka da safe a inuwa mai haske, bisa farin ƙyalle, munka ajiye kwalin ashana gefensa, don kowa ya san girman kwalin ashana daga nan har Abijan. Kuma ba mu zaɓi mafi girma cikin tarin ba, matsakaici munka ɗauka. Hoto na biyu ya nuna ɗaurin goma kamar yadda za a aika shi. Duk hoton da ba na kayansu ba ne, wanda aka kwaso daga wurin wasu don ya fi kyau, an fid da shi.

Sai kwanan wata. Cukun da bai daɗe ba yana da haske da ɗan taushi, wanda ya kwana biyu yana ƙara tauri, launinsa ya juya zuwa rawaya, da zafi kuma yakan fid da maiƙo. Duka biyun suna da masu so. Mai son tauna shi da shayi da mai son daka shi ba abu ɗaya suke nema ba. Laifi shi ne a bar mai saye tana cankar wanne za a aiko mata. Don haka munka sa satin da aka karɓo shi daga masu yi, da kalma guda da ke faɗin halinsa. Game da tsawon lokacin da zai yi bai lalace ba, mun hana a rubuta adadin da aka ji a bakin wani. Shawarar ita ce daga kowane zuwa a ware falle guda, a rubuta ranarsa a takarda, a ajiye a ɗaki ana dubawa. Abin da sunka gani da idonsu shi za su rubuta nan gaba. Wannan fallen yana da wani amfanin kuma: ranar da wata ta kira ta ce nata ya yi fumfuna, akwai ɗan uwansa a gida da za a duba a gane ko daga wurinsu ne, ko daga ajiyar mai saye. Cukun da aka ƙulle cikin leda bai gama bushewa ba shi ke yin haka, musamman da damana.

Abu na ƙarshe shi ne wanda matan sunka fi jin nauyin rubutawa, wato aibin kaya. Busasshen cuku yana karyewa. Daga Tawa zuwa Yamai sai ya bi Ƙonni, Dogondutsi da Doso, cikin kayan mutane, wani bisa wani. Ko an yi dabara wajen ɗauri, wani fallen zai iya tsagewa. Sunka ce in an rubuta haka ai an kori mai saye. Mu a namu gani akasin haka ne. Mai saye ta riga ta san cuku na karyewa, abin da take son sani shi ne ko kun san da haka, da abin da za ku yi in ya faru. Ga yadda bayanin ya koma:

“Cuku na nonon shanu, aikin matan makiyaya na yankin Abalak. Ɗauri ɗaya falle 10 ne, girman da ke cikin hoto kusa da kwalin ashana. An karɓo shi satin farko na wannan wata, ya bushe sosai, yana da tauri. Ɗauri: 5.000 F CFA, ban da kuɗin mota. Muna sa shi tsakanin kwali biyu, amma falle ɗaya ko biyu kan iya tsagewa a hanya. In fiye da biyu sunka farfashe, turo hoto ranar da kinka karɓa, mu cika miki a aike na gaba. A ajiye shi inda iska ke shiga, kar a rufe cikin leda.”

Ya fi na farko tsawo, amma babu kalmar yabo ko guda a ciki, kuma kowane layi ana iya kama su da shi. Abin da ke sa a yarda ke nan, mai kanti ta miƙa wa mai saye igiyar da za ta riƙe ta da ita.

Ɗari ukku ta baki da 300 ta rubutu

Kauɗar tumatir ce ta jawo musu rigima mafi zafi tun kafin su zo wurinmu, kuma ba kowa ya yi ƙarya ba. Mu a baki da dala muke lissafi, dala ɗaya tamma biyar. In mace ta ce “ɗari ukku” tana nufin dala 300, wato jika ɗaya da rabi, 1.500 F. Haka mai kauɗar ta faɗa. Yarinyar kuwa ta rubuta abin da kunnenta ya ji, 300. Mai saye a Yamai ta ga lamba a rubuce, lambar da ke rubuce kuwa kowa tamma yake ɗaukarta, kamar yadda take bisa takardar kuɗi. Ta yi murna da araha, ta ce a ba ta leda goma, ta turo 3.000 F. Mai kaya tana jiran 15.000 F. Da anka kira ta a yi mata bayani sai ta ce an ga ta nuna so ne anka ninka mata kuɗi har sau biyar. Wa zai ga laifinta? An mayar mata da kuɗinta, an kuma yi asarar kuɗin turawa, ita kuma ba ta sake leƙowa ba.

Gyaran mai sauƙi ne, amma sai an mai da shi doka. Duk kuɗin da za a rubuta, a rubuta shi da tamma, a sa F CFA a bayansa, ko da gurbin kuɗi na salula ya riga ya nuna. Mai rubutu ta maimaita wa mai kaya da baki ta hanya biyu, “Jika ɗaya da rabi, dala ɗari ukku, haka ne, Inna?” Sai ta amsa sannan a ajiye. Harafin nan na CFA kada a raina shi, don kaya na kaiwa ga masu saye na Illela da Sakkwato, su kuwa lambar da ba ta da suna naira suke karanta ta.

“Farashi mai sauƙi, a tuntuɓe mu” kuma, mun san dalilinsa. Mun saba da ciniki, a taya a ce albarka, kuma muna jin tsoron in mun rubuta kuɗi maƙwabciya za ta rage dala biyar ta ƙwace mana mai saye. Amma wadda ke nesa in ba ta ga kuɗi ba sai ta ɗauka za a duba hotonta da unguwarta ne kafin a yanka mata. Da yawa ba su ma tambaya, wucewa suke yi. In kuna son barin ƙofar ragi, a rubuta ta a fili, kamar a ce daga leda biyar zuwa sama ana rage kaza.

Ma'aunin kauɗar ma an gyara shi. Da an rubuta “tiya guda”. Tiya ma'aunin cika ce, ba ta nauyi ba, kuma ta wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, balle a zo ga tozo, wata ta tula wata ta share. Kauɗa kuma ba ta kwanciya kamar hatsi, manyan yanka suna barin rami a cikin kwano. Munka aro ma'aunin kilo daga wani mai kanti, munka ɗora leda goma ɗaya bayan ɗaya. Mafi nauyi ta wuce rabin kilo da kaɗan, mafi sauƙi ba ta kai ba. Abin da munka koya musu shi ne kada a rubuta na babbar, kada a rubuta na tsakiya. Ko dai a cika kowace leda ta kai giram 500 har da ɗan ɗori, ko a rubuta nauyin ƙaramar. Mai saye da ta auna ta ga an ƙara mata ba ta kiran kowa don ƙorafi. Ɗorin nan yana da wani dalili, busasshen kaya da aka ɗaura yau yakan ƙara bushewa ya rage nauyi kafin ya isa, balle lokacin ɗari da iska ke busar da komi. Daga baya ƙungiyar ta sayi nata ƙaramin ma'auni daga kuɗin akwati, ya zama kayan kowa.

A kan busasshiyar albasa ba mu daɗe ba. An rubuta “albasar Galmi”, alhali a fadamar kusa da su aka noma ta. Iri ne na Galmi, wannan gaskiya ne, shi ake shukawa a wurare da dama na Adar da Magiya. Amma sunan Violet de Galmi yanzu suna ne mai rajista a hukumar OAPI, kamar kilishin Nijar, ba abin da kowa zai liƙa wa kayansa yadda ya ga dama ba. Munka mai da shi “albasa irin ta Galmi”, munka faɗi garin da aka noma ta.

Garin zogale

Wannan shi ne wurin da ba mu yi sassauci ba ko kaɗan. An rubuta cewa garin zogalen yana maganin ciwon sukari, da hawan jini, da rashin jini, da sanyi. Zogale abinci ne mai kyau, mun tashi muna cin kwaɗonsa, ana kuma ƙara garinsa a kunun yara. Amma ciwon sukari da hawan jini ciwo ne da ake riƙewa da maganin likita da awo a kai a kai. Ku ɗauka wata dattijuwa ta karanta wannan, ko jikanta ya karanta mata, ta ajiye ƙwayoyinta ta koma ga gari. In ta faɗi, wa ya tura ta? Ba maganar ciniki ba ce kuma, maganar rai ce da alhaki. Ko ta fuskar ciniki ma, mai ilimin da ta ga an jera cututtuka huɗu ƙarƙashin leda guda, daga nan ta daina yarda da sauran abin da ke cikin kantin, har cukun da ba ruwansa.

Abin mamaki, da anka goge cututtukan sai ga shi akwai abin faɗi na gaske da ba a taɓa rubutawa ba. Matan suna wanke ganyen, suna shanya shi a inuwa cikin ɗaki ba a rana ba, shi ya sa garin ya fito kore shar bai koɗe ba. Suna tankaɗe shi, ba su haɗa shi da komi. Wannan duk mai saye za ta gani da ta buɗe leda. Shi munka rubuta, da nauyinsa, da watan da aka daka shi, da cewa a rufe shi a nisanta shi da rana da laima.

Wa ke gyara, kuma yaushe

Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a yankin Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu shi ne ba a buɗe akwati a ɓoye, kuɗi a gaban kowa ake ƙidaya su da ƙarfi. Haka munka ce a yi wa bayanin kaya. Kada a bar wa mai salula ita kaɗai, don ita ta iya rubutu amma ba ita ta yi kayan ba, mai kayan kuma ba ta iya karanta abin da aka rubuta da sunanta. Mutum ukku ake so: mai kaya, mai rubutu, da wata mai bakin gardama da za ta zama mai saye, ta yi ta tambaya har sai ta rasa abin tambaya. Kowace ƙungiya tana da irin wannan matar, kun san ta, ga ranar amfaninta ta zo. Ƴan mintoci ne a ƙarshen taron sati, bayan an gama zubi.

Hanyar gane bayanin da ke da rami kuwa tana cikin salular kanta. A koma saƙonnin masu saye na wata guda a saurara. Tambayar da mutum ukku sunka yi iri ɗaya, amsarta ta ɓace daga rubutun, a ɗauke ta a sa. A wannan kantin tambayoyin da sunka fi dawowa su ne “guda nawa ne”, “har da kuɗin mota”, da “yaushe zai iso”. Na ƙarshen nan munka amsa shi sau ɗaya don dukan kaya: ranakun sati biyu da ake kai kaya tasha, da cewa za a turo hoton takardar aike da zarar an ba da su. Ba mu yarda a rubuta “gobe zai iso” ba, don hanya ba a hannunsu take ba. Ranar da za su kai tasha ita ce a hannunsu, ita kaɗai za su yi alkawari a kai.

Da yake masu saye da yawa ba su karatu, wasu kuma a Yamai Zabarmanci da Faransanci sunka fi ji, an ƙara layi guda na Faransanci mai ɗauke da suna, yawa da kuɗi, an kuma ɗauki bayanin da murya don turawa. Sharaɗin shi ne muryar ta karanta abin da ke rubuce kalma da kalma. In an bar baki ya yi ta kansa, “lamba ɗaya” da “maganin sukari” ta nan suke sake shigowa.

Rubutu ba ya gyara kaya. Kauɗa mai yashi, ko an yi mata bayani mai kyau, yashin na nan, kuma bayani na gaskiya zai ma tilasta a koma a gyara wurin shanya. Sannan bayanin da ke gaskiya yau yana iya zama ƙarya bayan wata biyu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Da damana nono na yawa, cuku na samuwa. In rani ya yi nisa dabbobi sun rame, nono ya ja baya, kuɗinsa ya hau, wani lokaci fallen ma ya ƙanƙance. Hoton watan tara ba zai wakilci cukun watan huɗu ba. Don haka duk ranar da sabon kaya ya shigo, kafin a ɗaura ko guda, a fito da kwalin ashana da ma'auni, a karanta tsohon bayanin a gaban sabon kayan. Abin da ya ƙare kuma a ɓoye shi daga Catalogue a ranar, kada wata ta turo kuɗi a kan abin da babu.

Akwai magana guda da ƙungiyar ba ta gama yankewa ba har munka tashi. Alkawarin cika fallen da ya farfashe kuɗi ne. Mu ɗauka ana sayo falle 400 F a sayar 500 F, ribar ɗauri guda 1.000 F ke nan kafin a cire kwali da igiya. In an cika falle ukku, 1.200 F sun tafi, ribar ɗaurin ta ƙare har an taɓa uwar kuɗi. Wasu sun ce asarar ta hau kan wadda ta yi ɗaurin, don ta ƙara kula. Wasu sun ce a riƙa cire 100 F daga kowane ɗauri ana tarawa gefe, kamar yadda ake yi wa asusun taimako. Shugabarsu ta ce za a gwada ta biyun har wata ukku, ma'ajiya tana rubuta kowane falle da aka cika, sannan a kawo littafin gaban taro.